Gidan da sha biyu ta faɗa

Ni mutumin Shinkafi ne, amma a Zurmi na yi sakandare, kuma duk lissafin da nake ci da shi yau daga hannun mutum ɗaya na same shi. Malaminmu dogo ne, mai faɗa, aljihunsa kullum fari da alli. Shi ya fara nuna mini ƙa'idar saura ta Sinawa, shekaru kafin in ji sunanta a jami'a.

Yakan zana gidaje a allo, layi uku a kwance, biyar a tsaye. Kowace lamba daga sifili zuwa sha huɗu, a raba ta da uku, a raba ta da biyar, saura biyun nan su ne adireshinta. Bakwai tana gidan ɗaya da biyu, takwas tana gidan biyu da uku. In ka ninka su, ninka saura da saura kawai, ka sake rabawa, za ka samu biyu da ɗaya, gidan sha ɗaya ke nan. Hamsin da shida kuwa, wato bakwai sau takwas, in aka raba da sha biyar, sha ɗaya ce ke saura. Babban zobe, wato jerin lambobi sha biyar ɗin nan da ke zagayowa sifili, ya rabu zuwa ƙanana biyu, na uku da na biyar, ba abin da ya ɓace. Sharaɗin ɗaya ne, ya sha buga mana tebur a kansa: kada wata lamba, ban da ɗaya, ta raba lambobin layukan duka biyun.

Shekaru suka wuce, na zama malami a wata kwaleji a Kaura. Shi kuwa makarantar ƙauyen da aka mayar da shi ta rufe saboda 'yan bindiga, ya koma Zurmi yana noman ɗan abin da ke bakin gari. Da aka buɗe gurbin malamin lissafi a wurinmu, ya nema. Ba girma yake nema ba, so yake ya kwaso iyalinsa zuwa Kaura. Ni kuma aka sa ni cikin masu tantancewa.

Shugabar kwamitin, wata 'yar Binuwai da ba ta wasa da aiki, ta ce Malam ya raba mana zoben ashirin da huɗu a minti goma. Na ji sanyi a raina, don wannan abincinsa ne.

Ya tashi ya zana layi huɗu da shida.

Ban san dalili ba. Ko gajiyar hanya ce, ko shekarun da ya yi bai riƙe alli ba, ko don huɗu da shida sun fi zama daidai a allon. Biyu tana raba huɗu, tana raba shida. Uku da takwas ake so. Tun yana rubuta sifili na san inda sha biyu za ta faɗa.

A tsarinmu, ɗan kwamiti na da damar jefa tambaya ɗaya don ya dawo da mai nema kan hanya. Shugabar ta dube ni, har ta ɗan ɗaga gira. Ni kuwa bakina ya yi nauyi. Yaya zan gyara wa malamina a gaban baƙi, mutumin da har yau ban iya kiran sunansa? Na sunkuyar da kai ina wasa da biro, ina ce wa kaina zai gani da kansa.

Ya gani, amma sai da ya kai sha biyu. Allin ya sauka a gidan sifili, gidan da ya riga ya cika, ga rabin gidajen fayau ba kowa. Ya tsaya yana kallon allon. Ya ɗaga hannu zai goge, shugabar ta ce lokaci ya cika. Ban ga laifinta ba, ni ma ƙaramin maki na rubuta, don abin da ya faru ke nan.

Na raka shi tasha. Muna jiran motar Zurmi ta cika ya ce, "Kai ka gani tun farko ko?"

"Na gani, Malam."

"To mi ya hana ka magana?"

"Kunya, Malam."

Ya yi 'yar dariya. "Wagga kunya taka, da ka aje ta gida yau. Ni na koya maka lissafi, ban koya maka wannan ba."

Wani saurayi aka ɗauka, kuma ya iya aikinsa. Ba a sake buɗe gurbi ba, shekarun Malam ma sun kusa wuce na ɗauka. Iyalinsa na can, duk ranar da aka ce an tare hanya sai gabana ya faɗi. Na tsani ladabin nan nawa, har yau ban yafe wa kaina ba.

Bayan sati biyu wani direba ya kawo mini takarda a ninke. Layi uku da takwas ne, da rubutunsa, lambobi ashirin da huɗu kowace a gidanta. Na juya bayan takardar ina neman ko gaisuwa, bai rubuta komai ba.