Bututun da ke Bayan Tayil

Yayana mai aikin famfo ne, gwiwoyinsa sun yi kanta saboda durƙuso a banɗakunan mutane. Yana da wata ɗabi'a: kafin magina su rufe bango da siminti, sai ya ɗauki bidiyon yadda bututu ya bi, ya tura wa mai gidan ta manhajar hira. Masu gida gogewa suke yi, nasa kuwa yana nan. Ranar da bango ya fara tsatsafo, tayil ɗaya yake cirewa ya gama.

Da tsohuwar wayarsa ta fara mutuwa tana farfaɗowa, ya je shagon waya musanya da ciko. Na raka shi. Ajiyar hirarrakinsa da ke intanet ta yi ƙiba, don rukunin danginmu ba su da aiki sai turo bidiyon biki da na akuya mai rawa. Aka fara saukewa a sabuwar waya. Saƙonni suka dawo, hotuna da bidiyo suka tsaya cak, data ta ƙare. Ya sake saya, ita ma ta bi 'yar'uwarta.

Mai shagon ya ce, "Maigida, mayar da layin cikin tsohuwar waya mu rage kayan. Ko dai ka zauna ka goge bidiyoyin rukuni, ka bar naka, ko mu cire alamar haɗawa da bidiyo, ajiyar ta zo babu bidiyo ko ɗaya. Ko wanne ka zaɓa, sai an yi sabuwar ajiya, a cire manhajar a sabuwar waya a sake sakawa."

Tun safe Yaya ke ƙarƙashin tankin wani gida, ko abinci bai ci ba. Ya fara gogewa, ya ga abin ba ya ƙarewa, ya miƙa wayar.

"Cire alamar nan kawai, ɗan'uwa. Bayana zai tsinke."

Nan da nan komai ya sauka. Har ya yi dariya ya ce ashe akuyar ce ta tare hanya. Aka wanke tsohuwar waya tas, ta koma cikin gilashin shago.

Bayan 'yan makonni wata dattijuwa ta kira shi. Banɗakin da ɗanta ya yi mata kafin ya rasu, wanda Yaya ya yi wa aikin famfo, yana jiƙa bango, kuma irin tayil ɗin an daina kawowa. "Ɗana, ka ce min guda ɗaya za ka cire."

Ya buɗe hirarsa da marigayin. Saƙon yana nan, har da "Alhaji ga hanyar bututun", amma bidiyon babu. Ya danna, ya sake dannawa.

Da ya dawo da yamma, gashinsa fari fat da ƙurar siminti, ya zauna a bakin ƙofa bai ko cire takalmi ba. Tausayinsa ya kama ni. Na kawo masa ruwa, na tambaye shi ko an samu wurin.

"An samu," in ji shi. "Bayan na fasa mata rabin bango. Tana tsaye tana tsince gutsattsarin tana zubawa a zaninta."