Sunan da Na Sa a Sama

Ban yi boko da ƙuruciya ba. A zauren mahaifina na koyi riƙon alƙalami, da ajami na fara rubuta wa mutanen unguwarmu wasiƙa, sai da na yi aure sannan na shiga ajin yaƙi da jahilci. Saboda hannuna yana da kyau aka ɗauke ni malamin rubutu a ofishin hakimi a Kankia, 'yan shekaru bayan samun mulkin kai. Har na bar aiki, in ana magana da sauri da ajami nake kamawa, daga baya in juya zuwa boko a natse.

A wata bazara aka ce za a ɗauki mutum ɗaya mai taimaka wa masu allurar shanu a ƙasar Kankia da Kusada. Lokacin ana ta yaƙi da bushiya, cutar da kan share garke cikin 'yan kwanaki. Aka kafa kwamitin mutum uku don ganawa da masu nema: likitan dabbobi da ya zo daga Katsina, wani Babarbare mai yawan raha, shi ne shugaba, sai hedimastan firamarenmu, sai wakilin hakimi. Ni ba ni da baki a zaɓen. Nawa in rubuta abin da kowa ya amsa, sannan in haɗa takardar taƙaitawa da za a kai Katsina.

Kafin a kira kowa, likita ya sa aka daidaita a kan tambayoyi huɗu, ya ce su za a yi wa kowa, ba ƙari ba ragi. Yaya ake gane bushiya? Yaya ake adana maganin allura? In makiyayi ya ɓoye shanunsa don tsoron a ƙirga su a ɗora mashi jangali, me za ka yi? Sai kuma a ba mutum takardar jikin kwalba ya karanta. Kowace tambaya maki biyar, kowane ɗan kwamiti ya ba da nasa a takardarsa ba tare da leƙa ta wani ba.

Mutum biyar suka zo, amma uku nake iya tunawa sosai. Akwai wani dattijo daga Tafashiya, tsohon soja, sa'an ƙanen mahaifina, wanda tun ina yaro nake durƙusa mashi. Ya amsa da murya mai ƙarfi, karatunsa kuma ba laifi. Sai dai da aka zo adana magani ya ce in an haɗa da safe ya yi ragowa, a rufe a yi amfani da shi washegari, don bai kamata a yi almubazzaranci ba. Na rubuta kamar yadda ya faɗa. Akwai wani daga Rimaye wanda ya gama firamare, ya fi kowa karatu amma bai saba da shanu ba. Na ukun Bafillace ne daga wata ruga kusa da ƙauyen Boko, magidanci mai kamar shekara ashirin da biyar. Tun da ya zauna bai ɗaga ido ba. Likita ya ce mashi ya ɗaga murya, ai bawa ba ya jin kunyar ubangidansa. Bafillacen ya yi murmushi ya ce shi dai bai taɓa jin Babarbare ya mallaki ko ɗan maraƙi ba, balle mutum. Aka yi dariya, daga nan bakinsa ya buɗe.

Ya lissafa alamun bushiya kamar mai kallon saniyar a gabansa: zafin jiki, hawaye da majina, gyambo a baki, sannan zawo mai wari. Ya ce magani ba ya barin cikin ƙanƙara sai za a haɗa, in an haɗa a inuwa ake ajewa a yi sauri da shi, abin da ya rage a zubar. A kan ɓoye shanu ya ce shi ba zai fara da garke ba, wajen arɗo zai kwana tukuna, a yi wa shanun arɗo allura a gaban kowa, a kuma ga ba mai biro a hannu yana ƙirga. Karatunsa ne da sanyi, yana bin baƙaƙe da yatsa.

Bayan azahar aka sallame su, aka haɗa maki. Wakilin hakimi ya ce a ganinsa Bafillacen bai ce komai a kan inuwa ba, sai likita ya sa na karanto amsar daga ajamina, wakili ya ce lalle bai ji ba ne, ya gyara makinsa. Aka tsaya a kan Bafillace na ɗaya, mutumin Rimaye na biyu, dattijo na uku, sauran biyu a baya. Likita ya ce in rubuta su a jere, in kawo su sa hannu.

A nan na yi kuskurena. Duk jerin sunayen da na taɓa rubutawa a duniya, na gaisuwa a ƙarshen wasiƙa ne ko na rabon goron ɗaurin aure, babba ke fara zuwa. Hannuna bai san wani jeri ba. Na ja layuka, na sa dattijo a sama, na bi da sauran bisa shekaru, Bafillace ya faɗo na huɗu. Amsar kowa da makinsa daidai suke a gaban sunansa. Matsayin kuwa na sa shi da ƙananan lambobi can a bakin takarda ta dama. Hadari ya taso, direba yana ta matsa wa likita saboda rafin da za su ƙetare. Kowannensu ya duba makinsa ya ga daidai, ya sa hannu, takarda ta tafi.

Bayan kamar mako uku dattijo ya shigo ofis da farar riga, ya miƙo mani goro da wasiƙa. An kira shi ya fara aiki farkon wata. Ya ce ya san da hannuna a ciki, Allah ya yi mani albarka. Na karɓi goron, na kasa ci. Da ya fita na tambayi babban akawunmu, ya ce ai a can Katsina ƙa'ida ce, takardar taƙaitawa daga na ɗaya take farawa. Mai buga tafireta sunan sama yake ɗauka, kuma likita yana rangadi bai ga wasiƙar ba.

Ba zan ɓoye ba, na yi kwana biyu ina lallashin kaina. Ba wanda ya sani. Bafillacen bai san ya zo na ɗaya ba, yana da shanunsa, dattijo kuwa yana da iyali da yawa. Amma duk sallar da na tayar sai in tuna amsar nan ta ragowar magani. In ya yi wa garke allura da maganin da ya mutu, aka yanke masu kunne alamar an yi, mai shanu ya koma da kwanciyar rai, bushiya ta zo ta kwashe, da alƙalamina aka yi. Ga kuma haƙƙin mutumin da na karɓe ba da saninsa ba.

Na ji likita zai kasance a Kusada ranar kasuwa. Na ɗaure takardun ajamina a gafaka, na ari keken hedimasta bayan na gaya mashi komai. Bai yi mani faɗa ba, ya ce dai shi ma ya sa hannu, don haka kunyar ta mu huɗu ce. Na tarar da likita a bakin shingen allura, hannu duk kashin shanu. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, “Malam, na ce ka jera su, kai kuma ka tsaya gaishe su.” Ya yi dariya kaɗan, ya daina. Ya ce ba zai gyara shi kaɗai ba, takardar ta mutum uku ce, sai su ukun sun zauna.

Suka zauna a Kankia bayan kwana uku. Aka fito da takardar makin kowa aka gwada da ajamina, layi bayan layi. Wakilin hakimi ya so a bar abin yadda yake tunda wasiƙa ta riga ta fita, a nema wa Bafillace wani gurbi nan gaba. Likita ya tambaye shi ko a ranar ya yarda da jerin. Ya ce ya yarda. Likita ya ce to abin da aka yarda da shi kaɗai takarda za ta faɗa. Na sake rubuta ta, na ɗaya a sama, lambar matsayi babba a gaban kowane suna. Ba a yaga tsohuwar ba. Aka liƙa ta a baya da bayanin kuskuren, suka sa hannu, ni ma aka ce in sa nawa.

Saura gaya wa dattijo. Likita ya ce aikinsa ne, na roƙa a bar ni in fara magana. Aka aika ya zo. Na durƙusa na ce, “Baba, girmanka na sa a sama, ba makinka ba. Ni na ɓata, ka yafe mani.” Dattijo ya ce a karanta mashi abin da yaron ya faɗa da har ya fi shi. Likita ya ce amsar wani amana ce, amma tasa in yana so za a karanta. Na karanta mashi tiryan-tiryan, har da maganar almubazzaranci. Likita ya bayyana mashi abin da kan sami magani in ya kwana a haɗe.

“Haka na ce,” in ji dattijo. “Ba ka ƙara mani ba, ba ka rage ba.”

Ya ciro wasiƙar daga aljihu ya aje a kan tebur, ya fita bai yi sallama da ni ba. Daminar nan duka in na gaishe shi kai kawai yake ɗagawa. Ban ga laifinsa ba. Ya riga ya gaya wa gidansa da maƙwabta.

Ni aka ba sabuwar wasiƙar in kai Boko. Na tarar da Bafillacen yana ban ruwa a rijiya. Ya karanta da yatsa har ƙasa, ya koma sama ya sake, sannan ya tambaye ni ko Babarbaren nan ne zai zama maigidansa. Na ce shi ne. Ya ce to Allah ya ba shi haƙurin zama da bawa. Matarsa ta cika mani ƙwarya da kindirmo, na sha a tsaye don ina son in kai gida kafin la'asar. A kakar nan rugagen da a da kan watse in sun ji ƙarar mota suka riƙa kawo shanu da kansu.

Da aka sami wani gurbin a shekara ta gaba, ba a sake ganawa ba, takardar nan aka ɗauko aka kira mutumin Rimaye. Dattijo bai sami aikin allura ba har ya rasu. Amma wata Jumma'a bayan girbi ya tsayar da ni a ƙofar masallaci, ya ce zai aika wa ɗansa wasiƙa Kaduna, in zo gida in rubuta mashi, shi idonsa ya fara rauni. Na je. Da muka kai wajen gaisuwa yana lissafa mutanen gida, sai ya dafa hannuna ya ce in bi a hankali, wannan kam babba ake fara sawa.