Bakin Fartanyar Yana Kallon Bango

A shekarun da kuɗin mai ya shigo, kowa ya samu abin yi ban da ni. Koyarwa nake yi a firamare a Birnin Kudu, amma na faɗi jarrabawar malanta sau biyu, da masu takarda suka yi yawa sai aka sallame ni. Gona kuma babu, domin tamu ta Gwaram titi ya bi ta tsakiyarta shekara guda kafin mahaifina ya rasu. Matata da goyonta na kai su wajen Inna, mahaifiyata, suna ci daga ɗan abin da take samu a ƙuli-ƙuli. Wata bakwai ina haka, har na daina bi ta kasuwa don kada a tambaye ni ya aiki.

Ana nan sai wani mai shirya wasannin talabijin ya zo daga Kano ɗaukar shirin manoma, ya sauka a gidan baƙi na kwana uku. Aka ce suna neman marubuci ɗaya. Ina da labari a littafin makaranta, labarin wani manomi da titi ya cinye wa gona, wato dai mahaifina ne na sakaya. Na ɗauka na kai masa.

Ya karanta shafi biyu a tsaye, ya ce, "Malam, labarinka yana da rai, amma wannan ba a iya ɗaukarsa. Mai kyamara zai tambaye ni ina za mu kafa, ɗan wasa zai tambaye ni wace magana ce tasa. Me zan ce musu?"

Ya juya kwalin taba ya zana mini. Kowace fitowa da kanta a sama, da manyan baƙaƙe: lamba, ciki ne ko waje, wane wuri, wane lokaci. Wuri ko lokaci ya sauya, sabon kai. A ƙarƙashi a rubuta abin da ido ke gani da abin da kunne ke ji, kamar yanzu yake faruwa. Mai magana kuma sunansa a tsakiyar layi, maganarsa a ƙasa. Ya ce jibi da azahar zai tashi, in na kawo ya yi, aikin nawa ne, in ba haka ba akwai mutum biyu suna jira a Kano.

Na roƙi wani mai rubuta wa mutane wasiƙa a bakin kotu ya ara mini tafiretarsa idan ba shi da kowa. Kawunan ba su ba ni wahala ba. Na buga FITOWA TA 1. WAJE. GONA. SAFE, na ji kaina ya yi girma kamar na gama.

Washegari mai shirin ya tara ’yan ƙungiyar wasan kwaikwayo na gari a ƙarƙashin darbejiyar makaranta don a gwada karantawa. Nan na sha kunyar da ban taɓa sha ba. Dattawa uku ne a labarin: manomin, da mai unguwa, da wani tsohon direba. Ni kuwa tun ina yaro ban taɓa kama sunan babba ba, balle wanda yake a matsayin mahaifina, don haka duk ukun na buga musu BABA. Wanda aka ba manomin ya karanta maganarsa, ya karanta amsar mai unguwa, ya dawo ya yi wa kansa faɗa da bakin direba. Mutane suka yi ta dariya har da riƙe ciki. Ni dai gumi kawai nake yi.

Mai shirin bai yi dariya ba. Ya ce, "In ba za ka iya sa suna ba, sa sana'a. MANOMI, MAI UNGUWA, DIREBA. Amma abin da ka fara kiran mutum da shi, da shi za ka ƙare." Sannan ya ɗora yatsa a fitowar ƙarshe, inda na rubuta cewa manomin ya koma gida zuciyarsa ta karye, ya san tasa ta ƙare. Ya ce, "Wannan ya fi damuna. Kyamara ba ta shiga zuciya. Da ya shiga gidan, me ya yi da hannunsa? Ina ya zauna? In babu wannan, babu wasa."

Ban sani ba. Ranar da katafila ta shiga gonar ina makarantar kwana. Abin da na sani shi ne abin da ake faɗa, wai baƙin ciki ne ya kashe shi. Na yi ta ƙirƙira: ya yi kuka, ya dafe kai, ya faɗi. Duk wanda na buga sai in ga ƙarya ce, mahaifina ko a jana'izar uwarsa ba a ga hawayensa ba. La'asar ta yi, saura mini ƙasa da kwana ɗaya, tsoro ya kama ni sosai. Na hau bayan wata akori-kura zuwa Gwaram.

Na sami Inna tana matsar mai, matata tana kama mata. Inna ba ta taɓa faɗin sunan mijinta ba, ni ma da nake ɗan fari ba ta kama nawa, kuma tun rasuwarsa ba mu taɓa yin zancensa ba. Na durƙusa na ce, "Inna, ranar da aka shiga gonar nan, da ya dawo me ya yi?"

Ta ce, "Kai, ba ka da abin tambaya sai wannan?"

Na ce, "Aikina yana kansa, Inna. In ban samu ba, ban san inda zan sa kaina ba."

Ta dubi matata, ta dubi yarinyar da ke bayanta. Ta goge hannu, ta shiga ɗaki ta fito da fartanyarsa. Ta tsuguna bakin randa ta wanke ta tas, alhali da damina abin ya faru, ba mai wanke fartanya a tsakiyar aiki. Ta lakato man gyaɗa ta shafa wa ƙarfen, yadda ake yi idan za a ajiye sai baɗi. Ta rataye ta a ƙusar jikin rumbu, ta zauna a ƙasa, ta cire takalmi ta jera su gefe. Can ta ce, "Na kawo tuwo, aka ce a ba yara." Sai ta tashi ta koma kan tunkuzarta.

Da asuba na kama motar farko zuwa Birnin Kudu. Na buga FITOWA TA 9. CIKI. TSAKAR GIDA. YAMMA. Na bi abin da na gani ɗaya bayan ɗaya: Manomi ya shigo da fartanya. Ya wanke ta. Ya shafa mata mai. Ya rataye. Ya zauna a ƙasa ya cire takalmi. Matarsa ta ajiye akushi. A tsakiyar layi MANOMI, a ƙasa kalma uku: A ba yara. Da na zo nan sai da na tsaya, don ba na ganin baƙaƙen.

Na isa gidan baƙi ana ɗaure kaya a mota. Mai shirin ya bi shafukan da biro, ya gyara mini kai guda inda na manta sa lokaci. Da ya kai ta tara ya daɗe bai ɗago ba. Ya ninke takardun ya sa a jakarsa, ya ce in same shi a Kano ran Litinin da kayana.

Na koma Gwaram na gaya musu. Matata ta shige ɗaki, ina jin kukanta. Inna ta ce alhamdulillahi, ta ci gaba da jera ƙuli a faranti. Sai da na miƙe zan fita sannan ta ce, "Wani ne zai fito a matsayinsa?"

Na ce e.

Ta ce, "To ka gaya masa, in zai rataye, bakin fartanyar bango yake kallo. Bai so ya ƙara ganinsa ba."