Abin da aka ɓoye wa Kawu

Har yau idan na ga takardar kwalin nan da na manna a bangon ɗakin duba marasa lafiya, sai raina ya ɓaci. Ta yi ja, gefenta ya naɗe, amma na hana kowa cire ta.

Ni ma'aikaciyar lafiya ce a wani ƙaramin asibiti da ke yankin Aliero. A wata shekara aka turo mana likita 'yar bautar ƙasa, Kirista daga kudu, mai kirki da son aiki, amma Hausarta ba ta wuce sannu da ina kwana ba. Ni ce bakinta. A makon farko ta zaunar da ni ta ce akwai abubuwa huɗu da ba ta so a cakuɗa mata, mu sama wa kowanne sunansa na Hausa, kada ya canja ko da wa ake magana.

Muka yi kwana biyu muna ja-in-ja. Abin da marar lafiya ya faɗa da bakinsa, wanda ba mai iya sani sai shi, kamar jiri ko ciwon kai, muka ce a kira shi abin da kake ji. Wanda ma'aikaci ya gani da ido, ko ya taɓa, ko ya auna, irin su kumburin ƙafa da awon jini, shi kaɗai ne alama. Idan likita ta haɗa waɗannan biyun da gwaji ta sa wa ciwon suna, wannan cutar da aka gano ke nan. Na huɗun ne ya ba ni wuya, wato inda ake ganin ciwon zai dosa idan an sha magani da kuma idan ba a sha ba. Daga ƙarshe muka tsaya a kan makomar ciwo. Na rubuta su a kwalin magani na manna. Likita ta haddace su, ta yadda ko ba ta fahimci sauran zancena ba, tana kasa kunne ta ji huɗun sun fito.

Akwai wani dattijo mai yanka mana kati, wanda shi ke yi wa likitoci tafinta tun kafin a ɗauke ni aiki. Ya karanta kwalin ya yi dariya, ya ce, "Malama, Hausar ma yanzu sai an manna ta a bango?" Na yi banza da shi. Da na sani da tun a ranar na yi masa tas.

Ba a jima ba na tafi hutun haihuwa Maiyama, gidan mijina, tafinta ta koma hannunsa.

Kawuna, yayan mahaifiyata, manomin albasa ne a Kashin Zama. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifina, kuma da albasarsa na yi karatu. Mutum ne da ban taɓa ganin ya kwanta da rana ba. Lokacin dashe fartanya ta sare shi a ƙafa, ya zo asibitinmu a wanke masa. Ni ban ma ji labari ba, don a wurinsa wannan ba abin aikawa Maiyama ba ne.

Wata huɗu bayan haka, ana tsakiyar cirar albasa, aka kira ni da hantsi aka ce Kawu ya faɗi a gona, bakinsa ya karkace, hannu da ƙafa na hagu sun saki. An garzaya da shi babban asibiti, aka ce shanyewar ɓarin jiki ce, hawan jini ya jawo. Na ce hawan jini kuma? Tun yaushe? Matarsa ta ce, "Ai an taɓa hwaɗa mai a wurin aikinku, amma an ce ba shi da alama. Ya sha maganin har ya ƙare."

Ranar da na koma aiki, ko mayafi ban ajiye ba na je na zaro katinsa. Likita ta rubuta komai dalla-dalla. Sau uku ya zo wankin ƙafa, sau ukun ta auna shi, duka awon ya haura sosai. Ta rubuta cewa shi ba ya jin komai. Ta rubuta hawan jini. Ta rubuta cewa an yi masa bayanin magani kullum har tsawon rai, da rage gishiri, da dawowa bayan wata ɗaya, da haɗarin shanyewar jiki idan ya bari. An yi masa bayani, in ji kati.

Na sami mai yankan kati a teburinsa yana cin gyaɗa. Na ce, "Baba, don girman Allah, me ka gaya wa kawuna?"

Bai ko yi musu ba, abin da ya ƙara ƙona mini rai ke nan. Ya ce ya gaya masa likita ta ce ba shi da wata alama, ɗan hawan jini ne kawai, ya sha magani, sauran kuma a bar wa Allah.

Na ce, "Likita cewa ta yi ba ya jin komai a jikinsa. Ba ta ce ba shi da alama ba! Awon da ya haura sau uku fa, mene ne shi?"

Ya ce, "To duk ba ɗaya ba ne?"

Ɗaya! Hawan jini ciwo ne da mutum zai yi shekaru da shi yana noma yana cin tuwo bai ji komai ba, na'urar awo ce kaɗai ke tona shi. Idan ka ɗauki sunan abin da aka auna ka ba abin da mutum yake ji, sannan ka ce babu, ai ka sallame shi ke nan. Ita kuma likita, baiwar Allah, ta ji kalmar alama ta fito daga bakin mai yankan katin, ta ɗauka awon yake bayyanawa. Da ba ta ji na huɗun ba, sai ta tambaye shi, ya ce mata ya faɗa ta hanyar da tsofaffi suke ganewa.

Na ce, "To makomar ciwon fa? Maganar cewa ba ya warkewa sai dai a riƙe shi da magani kullum, ina ka kai ta?"

Nan ya gyara zama ya ɗauko mini wa'azi. Wai ba a duban tsabar idon dattijo a ce masa ciwonsa ba ya warkewa. Wai cewa mutum jikinsa zai shanye mugun baki ne, kuma shiga gaibu ne, likitar ba ta san addininmu ba shi ya sa. Shi tausayi ya yi.

Na ce, "Baba, kai ma kana da albasa a rudu." Rudu shi ne rumfar da muke adana albasa a cikinta bayan cira. Na ce, "Idan ka shiga ka ga wadda wuyanta bai bushe ba, ka ce wannan in ba a fitar da ita ba ba za ta kai damina ba, gaibu ka sani? Gani ka yi, ka kuma taɓa ganin irinta. Likita ba ta ce ga ranar da zai faɗi ba. Ta ce ga inda hanyar ta nufa, ga kuma yadda za a kauce. Kai ka ɗauke masa kaucewar ka bar shi da hanyar."

Na faɗi wasu maganganun da ba zan rubuta ba. Mutane suka taru, wata unguwarzoma ta ja ni waje. Abin haushin, har da masu cewa na yi wa babba rashin kunya. Kawuna yana kwance ana juya shi kamar jariri, amma damuwarsu muryata ce da ta yi sama. Ni kaina ban wanke kaina ba. Na san halin mutumin, na ji dariyarsa, na tafi na bar masa likitar da ba ta jin Hausa.

Bayan an sallamo Kawu da mako biyu aka kawo shi wurinmu a duba shi. Maganarsa ta ɗan dawo, sai dai tana ja. Ni na tsaya tafinta, ban yarda kowa ya matso ba.

Likita ta tambayi abin da yake ji. Ya ce, "Hannun ga nauyi shika yi min, kamar ba nawa ba." Na mayar mata. Ta auna shi, ta sa ya matse yatsunta, ta ɗaga ƙafar. Na gaya masa alamomin da ta samu: awon ya sauka amma bai daidaita ba, ƙafar ta fara ƙarfi, yatsun hagu ba sa motsi. Na gaya masa cutar da aka gano, shanyewar ɓarin jiki a kan hawan jinin da ya daɗe. Duk wannan ya fito mini sumul.

Sai ta yi magana ta huɗu, ta yi ta a hankali, tana kallonsa. Na ji kowace kalma. Na dubi hannun nan da ya sha ɗora ni a kan jaki zuwa gona, yana ajiye a cinyarsa kamar tsumma. Bakina ya buɗe, na ji kaina ina cewa, "Kawu, ta ce da yardar Allah za a samu sauƙi."

Likita ta ɗago ta dube ni, sannan ta dubi kwalin da ke bango.

Kawu ma ba yaro ba ne. Ya ce, "Ɗiyata, ita ta yi magana mai tsawo, ke kin yi gajera. Mi tac ce?"

Kunya ta rufe ni. Ashe abin da na yi wa dattijon can tijara a kansa yana nan kusa da harshena. Na ce, "Kawu, ga makomar ciwon. Ƙafar ana sa ran za ta dawo har ka yi tafiya da sanda, idan an dage da motsa ta kullum. Hannun kuwa, likita tana ganin da wuya ya koma yadda yake, ba ta ce ba zai yiwu ba, amma kada ka sa rai da riƙe fartanya. Mafi yawan sauƙin a watannin farkon nan ake samunsa. Hawan jinin kuma ba ya warkewa. Magani kullum ne, ko kana jin garau. Idan ka bari, abin zai iya dawowa, kuma zai iya fin wannan."

Kawu ya juya wajen matarsa ya ce a aika wa ƙaninsa ya karɓi gonar fadama bana, kada a bar ta ta kwana. Ya ce a miƙo masa ruwa da ƙwayar maganin. Ya ɗauka da hannun dama ya haɗiye, ruwan na zuba ta gefen bakinsa, na sa bakin mayafina na goge masa.

Ya ce, "Kullum kika ce?"

Na ce, "Kullum, Kawu."

Ya ce, "Wanga ɗan abin? To ai da na sha. Mi ya hana a hwaɗa min tun ranar?"

Likita ta taɓa ni tana tambayar abin da ya ce. Na juya na mayar mata da shi kalma da kalma, ban rage komai ba.