Wayar taubashina da irin geron yayata

Ni tela ne, kuma ajina uku a lakwal, wato makarantar boko. Na fara faɗin haka ne don kada wani ya ce na yi shigar injiniya. Amma ajin nan uku ya ishe ni karanta lamba, kuma lamba ce ta cinye mana damina guda.

A fari na biyu ne, wanda ya biyo bayan na shekarar fara. Yayata tana ƙauyenmu ta wajen Guna, mijinta ya rasu, gona ɗaya da jikoki huɗu a hannunta. Daminar da ta wuce ba ta ba ta komi ba sai kara. Abin da ta tsira da shi tiya goma sha biyu ne na irin geronmu na gida, mai saurin nuna, wanda ta zaɓa zangarniya-zangarniya. Ta san in ya zauna a ɗakinta jikoki za su yi kuka ta daka. In ta kawo shi gidana a Damagaram, ni ma gidan cike yake da 'yan ƙauye, kuma ta san zuciyata. Sai ta ce a ba wanda ko uwarsa ta roƙe shi ba zai buɗe buhu ba. Duk danginmu mutum ɗaya ke da wannan baiwa: taubashina, ɗan gwaggona.

Shi fata yake saye. Shekarar nan dabbobi na faɗuwa, ana yanka su kafin su mutu, to kullum yana bin kasuwannin daji, yau Hamdara, jibi can ƙasan Magarya, wani zubin sati biyu ba a ga ƙeyarsa ba. Ya ɗauki irin ya kai wani gari a kan hanyarsa, ya kulle a ɗakin ajiyar fatunsa, ya rataya makullin a wuya, ya ƙi gaya wa kowa garin. Sharaɗi ɗaya aka yi: ranar da ruwan shuka ya sauka a ƙauye, za a kira shi, ya kawo iri kafin ƙasa ta bushe. Ga sharaɗi, amma mutumin ba shi da waya. Sai aka ce ni mai ilimi in raka shi ya saya.

Muka tafi wurin wani mai gyaran salula da ke bayan tasha, mutum mai furfura a gemu, wanda ya fara da gyaran rediyo. Ya tambayi inda taubashina ke yawo, ya ji, sai ya jawo wata 'yar baƙar waya mai kama da sabulun wanki ya ajiye.

"Baba, wannan ce taka. Batirinta sati yake yi in ba ka cika surutu ba. In ta faɗi ta watse, ka tattara ka mayar. Cajarta kowane mai caji na kasuwar ƙauye yana da bakinta. In wani abu ya mutu, ga kwali nan cike da 'yan'uwanta."

Taubashina ya juya ta da yatsa ɗaya kamar mushe. "Wannan ai ta masu tallan goro ce."

Ashe tun a tasha ya riga ya yi ido da wata. Wani mai yawo da wayoyi a jaka ya nuna masa ta hannu, ruwan azurfa, mai buɗewa da rufewa, tana ɗaukar hoto, wai daga Amirka aka zo da ita. Ya kira mutumin ya zo har rumfar. Mai gyara ya karɓa, ya cire batir, ya duba lambar samfurin, ya buɗe wani tsohon littafinsa da ya sha maiƙo, ya juyo mini shafin. Na karanta da bakina: ɗari takwas da hamsin, dubu da ɗari takwas, dubu da ɗari tara.

"Ina ɗari tara?" in ji mai gyara.

Babu ɗari tara.

Ya yi mana bayani da harshen rediyo, don ya ga shekarunmu. Ya ce waya ma zango take kamawa. A ƙasarmu zango biyu ake aiki da su, ɗari tara da dubu da ɗari takwas. Na biyun a cikin gari ake saka shi, inda mutane suka yi yawa, ba ya nisa. Ƙarfen wayar da ka gani tsaye a daji shi kaɗai, yana ciyar da ƙauyuka, da ɗari tara yake magana, don shi ke cin nisa. Sauran lambobin biyu na ƙasar da wayar ta fito ne, nan ba su da aiki.

Mai jaka ya yi dariya. Ya saka layi, ya buɗe wayar, sandunan rezo, masu nuna waya ta kama, suka cika taf. "Alhaji, ka gani da idonka. Tasa zango biyu, tawa uku. Yaushe biyu ta fi uku?"

"A nan za ta kama," in ji mai gyara. "Ka wuce Mirya ka shiga yashi, ka dawo ka ba ni labari. Kuma batirin nan kwana ɗaya ne, bakin cajarta ban taɓa gani ba, in ƙugunta inda take naɗewa ya karye ba ni da abin da zan sa mata."

Na ja taubashina gefe. Allah shaida, ranar ban yi wasa ba. Na ce, "Ka ɗauki baƙar. Irin Yaya ne a wuyanka."

Ya dube ni, ya fashe da dariya har da dafa gwiwa. "Kai, Malam aji uku! Baƙin ciki kake bawanka zai riƙe abin da ubangidansa bai taɓa riƙewa ba?"

"Wallahi ba wasa nake ba."

"Haka ka ce ranar da ka aike ni gidan suna alhali makoki ake."

Gaskiya ne, na yi masa haka. Shekara sittin ina ce masa bawana, don ni ɗan namiji ne shi ɗan mace. Na ɓoye masa takalmi a masallaci, na ɗinka masa wando ƙafa ɗaya ta fi ɗaya. Bai taɓa jin magana madaidaiciya daga bakina ba, to ranar da na kawo ta bai gane ta ba. Mutanen rumfar ma duk dariya suke, suna jiran in rama. Ni kuwa, da ya kamata in kama rigarsa in tara masa jama'a, sai bakina ya bi hanyar da ya saba. Na ce, "To saya, jaki ma ana sa masa sirdi." Aka yi shewa. Ya saya. Wannan shewa har yau ina jin ta, kuma in na ji ta sai in ajiye almakashi.

Ruwan ya sauka wata Talata da la'asar. Kafin magariba maƙwabcin yayata ya hau tudu ya kira ni da wayarsa, ya miƙa mata.

"Ruwa ya yi, ƙasa ta sha har gwiwar hannu. Kira shi."

Na kira. Wata mata ta gaya mini da Faransanci mai ladabi cewa ba a iya samun mutumin. Na sake kira da asuba, ita dai. Laraba na yini ina kira har na haddace maganarta, ajina ya kusa zama huɗu. Na tafi tasha na bi direbobin motocin kasuwa ɗaya-ɗaya: in kun ga wani dogo mai warin fata da wayar azurfa, ku ce masa ruwa ya sauka. Na shiga kasuwa neman iri, geron da ke nan na kudu ne da aka shigo da shi don ci, ba wanda zai rantse maka zai nuna kafin ruwanmu ya ɗauke. A ƙauye kuwa wanda ke da iri ya riga ya zuba nasa a rami.

Alhamis Yaya ta sake kira. "Kowa ya gama shuka. Ni ina zaune da sungumi a hannu. Ba kai ka raka shi ba?"

Na ce ni ne.

"To me karatun naka ya yi?"

Ina da amsa, amma mai tsawo ce, kuma ƙasa ba ta jira.

Shi kuwa bawan Allah yana can wata kasuwar daji inda ko gajimare bai gilma ba, ƙarfen waya tsaye a bayan masallaci, mahauta na ta kira da 'yan baƙaƙen wayoyinsu. Tasa ta yini tana laluben zangon da babu, laluben ya shanye batirin kafin dare. Ya kai wa mai caji da batirin mota, aka zazzage igiyoyi, ba bakin da ya shiga. Sai ya mayar da ita aljihu ya ce in ya shiga gari ya gyara. Da ya cire layin ya roƙi wani mahauci ya saka a tasa, da an gama. Na tambaye shi daga baya me ya hana. Ya ce kunya ya ji, bayan ya yini yana nuna musu ita.

Wani direba ne ya riske shi ranar Asabar. Litinin ya iso ƙauye da buhun a kan babur, idonsa ja. Gonakin maƙwabta sun yi kore kamar an yayyafa, ta Yaya fari fat, iska ta riga ta bushe samanta. Muka yi binne, wato muka zuba irin a busasshiyar ƙasa muka jira. Ruwa na biyu bai zo ba sai bayan sati biyu da wani abu, kafin nan ɓeraye da zabi sun karɓi rabonsu. Abin da ya tsiro ya tsiro a makare, yana fitar da kai ruwa ya ɗauke. Maƙwabcin da ya ara mata waya ya cika rumbu. Ita abin da ta ɗaure bai kai ta lokacin sanyi ba. Ta rufe ɗakinta ta taho Damagaram da jikokin, ta zauna a ɗakin da nake ajiye yadi. Ba ta sake noma gonar ba. Irin nan da ta gada wurin uwarmu, daga shekarar ya fita daga gidanmu.

Wayar ba ta kai kaka ba ƙugunta ya karye. Ya kai wa mai gyara, mai gyara ya juya ta ya miƙa masa abinsa, ya jawo baƙar daga kwali ya ba shi. Ita yake riƙe da ita har ya daina yawo, murfin ɗaure da roba.

Bayan salla ya zo shagona, ya tsaya a bakin ƙofa yana murmushin neman sulhu. "Ubangida, bawanka ya zo gaisuwa. Ba zagi yau?"

Yaya na tsakar gida tana tankaɗen garin masara, tana jinmu. Na tashi, na kakkaɓe masa kujera, na ce, "Sannu da zuwa, Alhaji. Ina gajiya? Yaya iyali?" Na sa aka kawo masa ruwa a kofin baƙi.

Ya riƙe kofin bai sha ba. "Haba, ɗan kawu."

"Lafiya lau, Alhaji. A gaida gida."

Haka nake gaishe shi har yau. Mutane na cewa na yi tsanani, wai dattijo ba ya riƙo. Su je su tambayi Yaya, tana nan ɗakin yadi.