Yaran da Dakta bai ƙirga ba

Shekara guda mutumin nan ya cinye mini, kuma har yau ban yafe ba. Ina koyarwa a ƙaramar sakandare kusa da Zakirai, ina digiri na biyu a cikin gari. Bincikena a kan abin da ke sa yara barin makaranta ne. Na ce zan shiga gidaje in zauna da iyaye, in ji yadda su suke fahimtar abin, domin dalilin mutum ba ya fitowa sai ka san me abin yake nufi a wurinsa.

Dakta, wanda ke cikin kwamitin tantance ni, ya tuntsire da dariya a gaban mutane. Wai gaskiya ɗaya ce, tana nan ko ka so ko ka ƙi, aikin mai bincike ya tsaya nesa ya auna ta da alƙaluma. Wai nawa hirar tsakar gida ce, ba za a yi wa jiha hukunci da ita ba. Ya ƙi sa hannu. Ranar na yi kuka a Adaidaita har Ungogo.

Shi ma a kan maganar yake bincike. Ya turo ɗalibansa ƙauyukanmu da takardun tambayoyi, suna karanta wa iyaye: a faɗi sunayen yaran da suka bar makaranta. Sakamako ya nuna 'ya'yan fari ba su cika bari ba. Kai, da na ji haka sai da na ajiye cokali! 'Ya'yan fari su ake fara cirewa, su tafi gona ko dako a kasuwar Dawanau, ajina shaida ne. Amma wace uwa ce a wajenmu za ta kama sunan ɗanta na fari a gaban baƙo? Kunya ba za ta bari ba, sai ta tsallake shi ta fara daga na biyu.

Da na so, da na sami Dakta a ofis na faɗa masa a asirce. Wallahi ban so ba. Na haɗiye abina har ranar da ya gabatar da takardarsa a taron tsangaya, ranar da shugaban sashe zai yanke ko a bar ni in ci gaba.

Na miƙe, na gaishe shi da ladabi.

"Malam, Allah ya ƙara ilimi. Don Allah yaya sunan ɗanka na fari?"

Dakta ɗan ƙauye ne kamata. Ya gyara hularsa. Ya ce, "Yaron... yana nan lafiya."

Na ce, "To haka iyayen suka amsa wa ɗalibanka."

Shugaban sashe ya sa mini hannu kafin la'asar. Dakta kuwa sai da ya sake tattara bayanansa daga farko, kuma ni aka ce in raka ɗalibansa cikin gidajen.