Minti Shida a Wayar Inna

Wata bakwai muka yi muna haɗa gem ɗin, ni da ɗan kawuna wanda ya girme ni da shekara huɗu. Shi yana Gummi, ni ina Bukkuyum wajen Inna, ina koyar da kwamfuta a wata makarantar 'yan mata. Gem ne na waya, ɗan ƙarami. A cikin wasan, kai ne mai niƙa dutsen zinari, ka tashi aiki, dole ka isa gida ba tare da ka kai wa 'ya'yanka ƙurar dalma ba: ka tuɓe kayan aiki, ka yi wanka, ka bar takalmi a waje. A ƙasarmu ba sai an yi wa kowa bayanin abin da ƙurar nan ta yi wa yara a Yargalma da Duza ba. Wata ƙungiyar ma'aikatan lafiya ce ta ce in ya yi kyau za ta raba wa samari masu niƙa.

Yaya, kamar yadda nake kiransa, shi ya rubuta motsi da ƙa'idojin wasan. Ni na yi haske da launi. Akwai abin da muke kira sheda, wani guntun umarni ne da ake ba injin hoton waya. Bayan ya gama zana hoto, kafin ido ya gani, sai shedar ta bi ta kan kowane ɗigo na allon ta sake masa launi. Guda ɗaya tak na sa. Idan mai wasa ya kwaso ƙura, sai ta riƙa janye launin duniya a hankali, koren gero ya koɗe, fuskar yara ta yi toka-toka. Idan ya wanke jiki, launi ya dawo. Na tsaya a guda ɗaya ne don na san wayoyin mutanenmu. Kafin wasa ya tafi sumul, sai waya ta zana hoto talatin a daƙiƙa ɗaya, kuma kowace sheda zagayen allo ne sabo a kan kowane hoto. Jaki ne aka riga aka ɗora wa kaya.

A Gummi muka fara nuna wa shugabar ƙungiyar, wata Hajiya mai ƙarancin magana, a falon kawu. Mijinta na nan, kawu na nan, har da abokan Yaya biyu. Ya gabatar da ni da cewa, "Ƙanwata ta, tana ɗan taya ni shafe-shafen fenti."

Na haɗiye wannan. Tsakaninmu akwai wasan taubasantaka, na ce ko shi ne.

Hajiya ta taɓa wasan a laftof ɗinsa, ta ce, "Ya yi. Sai dai hoton kamar ya ɗan dushe, ko idona ne?"

Wurin da ta kai, ɗan wasanta ya sha ƙura ne, dushewar kuwa ita ce saƙon. Na buɗe baki zan faɗa, ya riga ni.

"Hajiya, ki yi haƙuri, aikin mata na. A wajen lalle ta ƙware. Ki ba ni sati biyu in gyara shi da hannuna."

Abokansa suka yi dariya. Kawu ma ya murmusa. Na dubi tabarma. A mota da zan koma gida ban yi kuka ba. Na ƙulla abin ne kawai, na ajiye.

Bayan kwana goma ya zo Bukkuyum gaishe da Inna, ya buɗe laftof a zaure yana washe baki. Ya sauke shedoji daga intanet ya jera huɗu a kan tawa. Ɗaya mai sa duk abu mai haske ya yi annuri. Ɗaya mai zurfafa inuwa a lunguna. Ɗaya mai dusashe abin da ke nesa kamar hoton biki. Ta huɗun kuma ta zuba wa komai ruwan zinari irin na la'asar sakaliya. Ba zan yi ƙarya ba, ya yi kyau. Laftof ɗin nan mai katin hoto na musamman ne da fanka biyu, ko gezau bai yi ba.

"To, mi kin ka gani?" ya ce.

"A laftof ɗinka ya yi kyau ƙwarai, Yaya."

Gaskiya na faɗa. Ya tura mini, ya tafi masallaci.

Na ari wayar Inna, irin wadda rabin garinmu ke riƙewa, mai tsagaggen gilashi. Na sa gem ɗin, na kunna ma'aunin da ke nuna yawan hotuna a daƙiƙa, na ajiye agogona a gefe. Da farko ya tsaya wajen ashirin, yana ɗan cijewa amma ana iya wasa. Ashe shi ya sa bai lura ba, na tabbata minti ɗaya ya gwada a tasa wayar mai tsada ya ce shi ke nan. A minti na huɗu bayan wayar ya ɗumama. A na shida ta yi zafi kamar murfin tukunya, sai ta rage wa kanta gudu don kada ta ƙone, yadda kowace waya ke yi. Ma'auni ya faɗo tara, ya faɗo bakwai. In ka taɓa allo, sai ka ƙirga ɗaya kafin mutumin ya motsa. Annurin nan shi kaɗai sai ya rage hoton, ya dama shi, ya sake faɗaɗawa, zagaye kan zagaye. Mai inuwar kuwa kowane ɗigo sai ya leƙa maƙwabtansa da yawa kafin ya san launinsa.

Na daɗe zaune da wayar a tafin hannu, zafinta yana mini daɗi.

Da ya dawo daga masallaci na zuba masa fura, na yi masa fatan isa lafiya. Kalma ɗaya ce za ta cece shi, na riƙe ta.

Ban tsaya nan ba. Washegari na kira Hajiya. Na ce mata tunda samarin ne za su yi amfani da shi, ai gara a gwada a wayoyinsu, ba a laftof ba, kuma a bar kowa ya buga har ya kai gida, wato wajen minti goma. Ta ce wallahi shawara ce mai kyau. Ta tambayi lokaci, na ce bayan azahar, sa'ad da suka tashi aiki. Bazara ake ciki. Na san abin da rana za ta ƙara.

A Anka aka yi, ƙarƙashin dogonyaro a harabar wani ɗakin shan magani. Samari goma sha wani abu suka zo, da wani dattijo, shugaban masu injin niƙa, mai farin gemu da kaushin hannu. Yaya ya sa sabuwar shadda. Ya yi jawabi a kan yadda ya ɗaga darajar hoton, aka tura gem ɗin waya zuwa waya. Na zauna a benci na baya kusa da wata nas, agogona a cinya.

Minti biyun farko sai yabo. "Kai! Kamar fim!" Yaya ya waiwayo ya ɗaga mini gira. Na yi masa murmushi.

A minti na biyar wani ya ce, "Tawa tana maƙalewa." Wani ya ce tasa ma. Wani ya riƙa hura wa wayarsa iska da baki. Wayar ɗaya ta fitar da gargaɗin zafi ta rufe wasan. Wani dogo ya miƙe tsaye ya ce cajin da ya je har kasuwa ya yi da safe yana zuba a gaban idonsa. Yaya ya bi su ɗai-ɗai yana cewa su rufe wasu manhajoji, su share hotuna, gumi ya jiƙa bayan shaddar.

Dattijon ne ya ƙarasa shi, ba tare da ya nufa ba. Ya nisanta wayar da fuskarsa ya ce, "Ɗana, in tambaye ka. Wagga ƙura da ka tashi tana ƙyalli haka, ita ta muguwar? Ni sai nig ga kamar arziki na ka bin mutum har gida."

Abin da ban ma hango ba ke nan. Ruwan zinarin da annurin sun cinye dushewata, sun mayar da gubar abin sha'awa. Hajiya ta cire tabarau ta dubi Yaya.

"Wayoyinsu ne ƙanana, Hajiya," ya ce.

"To ga su wa aka yi wa gem ɗin?"

Na bar shi da tambayar, na ƙirga har ashirin a zuci. Sannan na tashi na ce ina da tsohon a wayata, ko za a gwada. Na riga na ƙara masa abu ɗaya: a allon farko, a ƙarƙashin sunan wasan, an rubuta wanda ya yi motsi da wadda ta yi haske da launi, sunana daidai da girman nasa.

Sai da aka jira wayoyi suka huce. Aka tura, aka buga. Minti goma ba wayar da ta maƙale, sai muryar wasan kake ji. Can dattijon ya ce, "Af, duniya ta yi toka, na kwaso ƙurar ke nan," ya juya ɗan wasansa zuwa rijiya. Hajiya ta tambaye ni yadda aka yi haka, na yi mata bayani dalla-dalla, da ƙarfi, yadda abokan Yaya biyu da suka rako shi za su ji. Na ce sheda ɗaya ce, zagaye ɗaya, kuma duk wanda ya san aikin a wayar talaka yake fara gwaji.

Dogon nan bai yarda an sake sa masa ba. Ya ce shi da gem har abada, ya hau babur ya tafi. Yana da 'ya'ya uku, in ji nas ɗin. Wannan ya tsaya mini a rai, amma in na ce ya ɓata mini daɗin ranar na yi ƙarya.

A tasha Yaya ya tare ni, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Kin sani tun farko."

"Na sani."

"Don mi ba ki faɗa min ba?"

"Ba ka tambayi wayar kowa ba, Yaya. Laftof ka nuna min."

Ya kai ƙarata wajen Inna kafin sati ya zagayo. Inna ta saurare shi har ƙarshe tana tsince wake, ta kira ni ta ce abin da na yi ba hali ba ne, ɗan'uwa ba a bari ya faɗa rami ana kallo. Na ce to. Ta juya gare shi ta ce shi kuma ya koma falon da ya yi maganar aikin mata, gaban ubansa, ya janye ta. Ya ce zai yi.

Bai yi ba sai bayan babbar salla, kuma ni ban sake sa hannu a gem ɗin ba sai ranar. Na zauna kusa da shi a gaban kawu, ya goge nasa huɗun da hannunsa, ɗaya bayan ɗaya. Da ya zo kan mai annurin sai ya tsaya, ya ce ko za a bar wannan kaɗai, a rage masa girma, don masu manyan wayoyi.

Na ce ya goge.